Gidan hayar marigayi Baba: lissafina ya ƙi daidaita, a taimaka

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san Excel ya taimake ni saboda Allah. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gidan haya a Ƙofar Ƙaura, sassa shida ne, huɗu ciki da falo, biyu ɗaki ɗai-ɗai. Ba a raba gado ba tukuna, sai 'yan'uwa suka ce ni zan riƙa karɓar kuɗin hayar tunda ni ce a gari. Na buɗe shafi a kwamfutar maigidana, na jera sunayen 'yan haya a gefe, na jera watanni a sama daga Janairu zuwa Disamba, duk wanda ya biya sai in rubuta a ƙarƙashin watan. Da farko lafiya lau. Yanzu kuwa abin ya cakuɗe mini. Akwai wanda ke kawo kuɗi gutsi-gutsi, a watan azumin nan sau biyu ya kawo, dubu 10 sannan dubu 15, na goge na farko na rubuta jimla, yanzu na manta ranar da ya kawo na farkon. Akwai wanda ya tashi da bashi wani ya shiga ɗakin, ban san inda zan kai bashin na da ba. Yayanmu da ke Kaduna ya ce bayan Sallah yana son ganin lissafi, ga shi har mun kai 10 ga Afrilu ban iya tura masa komai ba. Wallahi abin yana hana ni barci, kuɗin marayu ne a ciki.

Ɗan Batagarawa: Wa alaikumus salam Anti. Allah Ya jiƙan Baba. Ai wannan ba wuya. Ni ina kula da ɗakunan ɗalibai goma sha biyu a nan kusa da jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, haka nake yi. Ki daina jera watanni. Ki sa ranar da mutum ya shiga a D, kuɗin wata a E, abin da ya biya duka a F, sai ki rubuta wannan a G:

```
=(DATEDIF(D2,TODAY(),"m")+1)*E2-F2
```

Kullum kika buɗe zai ƙirga watannin da ya yi a gidan da kansa, ya ninka da kuɗin wata, ya cire abin da ya biya. Abin da ya rage shi ne bashi.

Maman Hanifa: Amin, na gode ƙanena. Bari in gwada idan yara sun kwanta.

Baba Alhaji Daura: Allah Ya gafarta mashi. Ɗiyata, ni shekara ta fi talatin ina da 'yan haya a Daura, littafi guda nike da shi mai bango mai tauri, kowane mutum da shafinshi. Ranar da ya kawo kuɗi in rubuta rana, in rubuta adadi, ya sa hannu. Ban taɓa goge komi ba. Ko da za ki yi na kwamfuta kar ki bar littafi, kuma kar ki ƙara goge abin da kika rubuta.

Maman Hanifa: To Baba, na ji, in sha Allah. Ɗan Batagarawa, na gwada naka. Mutum biyar ya fito daidai da abin da nake zato. Amma na mai sashe na uku ya ba ni 62,000, ni kuma da na lissafa da biro ban kai haka ba, shi ma da kansa ya ce bai fi dubu talatin da wani abu ake bin sa ba.

Malam Akanta: Salamu alaikum. Allah Ya jiƙan mahaifinku. Ƙanwata, kafin in ce komai, an taɓa ƙara wa mai sashe na ukun nan kuɗin haya tun da ya shiga?

Maman Hanifa: Eh Malam. Ya shiga 1 ga Maris 2024 a kan 15,000 duk wata. Da shekara ta juya muka mayar 18,000 daga Janairu 2025. Sauran ba a taɓa nasu ba saboda su tun farko a sabon farashi suka shiga.

Malam Akanta: To ga inda kuskuren yake. Daga Maris 2024 zuwa Afrilu 2025 wata 14 ke nan. Fomular Ɗan Batagarawa ta ɗauki 18,000 ta ninka sau 14, ta sami 252,000, kamar tun ranar da ya shiga yake biyan 18,000. Alhali wata goma na farko, Maris zuwa Disamba, a 15,000 ya zauna, wato 150,000. Wata huɗu na bana a 18,000, wato 72,000. Abin da ya hau kansa ke nan 222,000. Bambancin 30,000 ɗin shi ne ƙarin dubu uku sau wata goma da aka ɗora masa ba da hakki ba. Nawa ya biya gaba ɗaya?

Maman Hanifa: 190,000. Ya ba da 90,000 ranar da ya shiga, 45,000 a Oktoba, 30,000 a Janairu, sai 10,000 da 15,000 ɗin azumi.

Malam Akanta: To 32,000 ake bin sa. Gaskiya ya faɗa miki.

Ɗan Batagarawa ya yi daidai da ya ce a daina jera watanni a sama. Inda ya rage shi ne, fomularsa tana aiki ne kawai matuƙar farashi bai taɓa canzawa ba, kuma mutum bai tashi ba, don ko ya tashi TODAY ba ta san ya tashi ba, za ta ci gaba da ƙirga masa wata. Abin da Baba Alhaji ya faɗa shi ne tushen aikin, kawai za mu mayar da littafinsa cikin kwamfuta ne.

Ki buɗe shafi uku a fayil ɗaya. Na farko ki sa masa suna Masu_haya. Kowane mutum layi ɗaya: A lambarsa, B sunansa, C ɗakin da yake, D ranar shiga. Lambar ke za ki ƙirƙira, H01, H02, H03 haka. Kuma ki lura, lambar ta mutum ce, ba ta ɗaki ba. Wanda ya tashi da bashi yana nan da lambarsa da layinsa, wanda ya shiga ɗakin bayansa sabuwar lamba zai samu. Wannan ya warware tambayarki ta biyu, bashin na da ba zai taɓa zamewa kan sabon ba.

Shafi na biyu sunansa Haya. A nan za ki rubuta duk kuɗin da ya hau kan mutum, ko ya biya ko bai biya ba. A lamba, B ranar da kuɗin ya zama wajibi, C adadi, D bayani. Mai H03 zai sami layi goma masu 15000, sannan layuka masu 18000 daga 1 ga Janairu 2025. Idan an sake ƙari nan gaba, layukan gaba kawai za ki canza, na baya suna nan yadda suke.

Shafi na uku sunansa Biya. Duk lokacin da kuɗi ya shigo hannunki, layi sabo. A lamba, B rana, C adadi, D ta wace hanya, tsaba ko taransifa, E lambar rasit. Ko naira dubu ɗaya ya kawo, layinta daban. A wannan shafin ba a gogewa, ba a haɗa biyu a mai da su ɗaya.

Sai ki koma Masu_haya, ki sa waɗannan a E2, F2 da G2, ki ja su ƙasa:

```
=SUMIFS(Haya!C:C,Haya!A:A,A2,Haya!B:B,"<="&TODAY())
=SUMIFS(Biya!C:C,Biya!A:A,A2)
=E2-F2
```

Ta farko tana tara abin da ya hau kansa zuwa yau kawai, na watannin da ba su zo ba tana barinsu. Ta biyu tana tara abin da ya kawo. Ta uku ragowa. In G ta fito da alamar ragi a gaba, to ya biya gaba ke nan, shi ke bin ku.

Ɗan Batagarawa: Malam na yarda da maganar ƙarin kuɗi, ban yi tunaninta ba don ɗalibai na shekara suke biya. Amma wannan shafin na Haya aiki ne fa. Mutum shida sau wata goma sha biyu layi 72 a shekara. Ba gara a sa farashi biyu a gefe a gyara fomula ba?

Malam Akanta: Ana iyawa, na taɓa yi. Da aka yi ƙari na biyu sai na ƙara wani reshe, da wani ya nemi ragi na wata uku na ƙara wani, ƙarshe fomular ta yi tsawon da ni kaina ba na iya karanta ta. Layi 72 kuwa aikin zama ɗaya ne a shekara. Kuma akwai abin da ya fi sauƙi muhimmanci a nan: yayanta na Kaduna zai iya buɗe shafin ya bi layi-layi da yatsa ya gane, ko bai san Excel ba. Fomula mai rassa sai dai ya yarda da ita ido rufe, kuma a maganar gado ba a son haka.

Oga Dillali: Hajiya ni shawarata, duk wanda bashinsa ya kai wata biyu ki ba shi takardar tashi. Gidan haya a Ƙofar Ƙaura ba ya kwana ba kowa. Ina da mutane a hannu yanzu haka masu biyan shekara cif, ki yi mini magana ta gefe.

Maman Hanifa: Na gode, amma ba tashin kowa nake son yi ba. Mutumin nan tela ne, yana da 'ya'ya biyar, kuma bai taɓa ɓoye mini ba in bai da shi. So nake in san adadin kawai, kar in cuce shi kar in cuci marayu.

Ummu Sadiƙ: Allah Ya saka miki da alheri da wannan maganar. Ni 'yar haya ce a Sabuwar Unguwa, bari in faɗi abin da ya same mu. Bara maigidana ya ba mai kula da gidanmu dubu 20 a hannu a bakin masallaci bayan la'asar, bai karɓi rasit ba saboda kunya da sabo. Bayan wata huɗu aka ce ba a gani a lissafi ba. Mutumin bai ce ba a ba shi ba, ya ce bai tuna ba. Haka muka sake biya. Don Allah duk tsarin da za ki yi, ki tabbata ɗan haya ma yana da abin nunawa a hannunsa.

Malam Akanta: Wannan shi ne amfanin E ɗin shafin Biya. Ki sayi ɗan littafin rasit mai kwafi, ki ba shi na sama ki riƙe na ƙasa, lambar da ke jiki ita za ki rubuta a E. In taransifa ce ki rubuta ranar alat ɗin daidai, ba ranar da kika zauna shigarwa ba, don in an yi gardama a je takardar banki a same ta a ranar.

Maman Hanifa: Malam na yi duka yadda ka ce, har ƙarfe ɗaya na dare ina kai. Amma innalillahi, yanzu H03 ya fito 176,000. Hankalina ya tashi. Me na ɓata?

Malam Akanta: Kwantar da hankalinki. Faɗa mini abin da E da F suka nuna daban-daban, kuma kin cika layukan Haya har zuwa wane wata?

Maman Hanifa: E 366,000, F 190,000. Na cika har Disamba 2025 don kar in riƙa komawa.

Malam Akanta: To F lafiya take. E ce ta haɗa da duk watannin bana goma sha biyu: 18,000 sau 12 shi ne 216,000, a haɗa da 150,000 na bara, ga 366,000 ɗinki. Ma'ana kwamfutar tana ganin har kuɗin Disamba ya riga ya wajaba. Dalili kuwa, an saita ta a tsarin Amurka, inda wata ke zuwa kafin rana. Ke kin rubuta 1/12/2025 kina nufin 1 ga Disamba, ita ta karanta 12 ga Janairu. 1/5/2025 ta karanta 5 ga Janairu. Duk hayar shekara ta tattaro ta cikin kwana goma sha biyun farkon Janairu. Abin da ya sa ba ki gani ba, a fuska tana nuna miki 1/12/2025 yadda kika rubuta.

Ga yadda za ki tabbatar. Ki zaɓi B duka, ki danna dama, Format Cells, Date, ki zaɓi salon da ke rubuta sunan wata da haruffa. In kin ga Jan, Jan, Jan har ƙasa, to shi ne. Ki bar shi a wannan salon har abada, da kin yi kuskure idonki zai kama.

Gyaran kuma, kar ki sake buga su ɗaya bayan ɗaya. A layin farko na mutum ki rubuta `=DATE(2024,3,1)`, shekara, wata, rana, wannan ba ya rikicewa a kowace kwamfuta. A layin da ke ƙasa ki rubuta:

```
=EDATE(B2,1)
```

ki ja ƙasa, kowane layi zai ƙara wata ɗaya. In kin ga lamba irin 45658 ta fito maimakon kwanan wata kar ki tsorata, haka Excel ke ajiye rana a cikinsa, 45658 ita ce 1 ga Janairu 2025, salon akwatin kawai za ki mayar Date. Da kin gama ki kwafe B ki manna ta da Paste Special, Values, don in kin jera layukan wata rana kar ranakun su hargitse.

Ki duba ranakun shafin Biya ma. A can kuskuren bai taɓa jimla ba saboda fomular F ba ta duba rana, amma 3 ga Oktoba na iya zama 10 ga Maris, irin 25/3/2025 kuma tunda babu wata na 25 sai ta ajiye shi a matsayin rubutu kawai.

Ɗan Batagarawa: Wannan ya taɓa kama ni a Google Sheets. A can ana shiga File, Settings, a mayar da Locale zuwa United Kingdom, daga nan rana ke zuwa farko. Amma waɗanda aka riga aka shigar a juye ba sa gyaruwa da kansu, sai an sake su.

Maman Hanifa: Wallahi Jan ne har ƙasa. Na gyara. Yanzu E ta dawo 222,000, alhamdu lillahi. H03 ya fito 32,000 cif. Sai dai H05 kuma, na san ta biya wata uku amma F na nuna na wata biyu.

Malam Akanta: Je shafin Biya ki kalli C a layukanta. Lamba ta gaskiya tana jingina da dama a cikin akwati, rubutu yana jingina da hagu. Ina zaton a ɗaya kin sa N a gaba, ko kin rubuta 12k. SUMIFS ba ta yin ƙorafi a kan irin wannan, tsallake shi kawai take yi, shi ya sa yake da haɗari. In ba haka ba ne, to lambarta ce: H05 da wani fili a bayanta, ko HO5 da harafin O maimakon sifiri.

Maman Hanifa: N ce Malam. N12,000 na rubuta. Na cire, ya daidaita.

Malam Akanta: Madalla. Ki yi abu biyu don kar ya sake faruwa. A wani akwati a gefen shafin Biya, misali G1, ki sa:

```
=COUNTA(C2:C1000)-COUNT(C2:C1000)
```

Kullum sifiri ya kamata ya nuna. Ranar da ya nuna 1, akwai adadi ɗaya da ya shiga a matsayin rubutu. Na biyu, ki zaɓi A na shafin Biya, ki shiga Data, Data Validation, List, ki nuna mata lambobin da ke Masu_haya. Daga nan zaɓar lamba za ki riƙa yi, ba bugawa ba.

Baba Alhaji Daura: Malam ina da tambaya. Ina da wani dattijo da ya fi shekara ashirin a gidana, shi da watan sama muke lissafi tun farko, in wata ya tsaya ya kawo. Na'urar taku ta san Rajab da Sha'aban?

Malam Akanta: Ranka ya daɗe, EDATE watan Bature kawai ta sani. Amma shafin Haya bai damu da wane wata ba ne, rana kawai yake so. In wata ya tsaya sai a ƙara layi, a sa ranar Bature da ta yi daidai da ɗaya ga watan, a rubuta Rajab a bayani. Sai dai ba za a cika na shekara gaba ɗaya ba tunda ana jiran ganin wata. Kuma shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, don haka cikin kamar shekara uku shi zai biya wata ɗaya fiye da mai lissafin Bature. Ba laifi ba ne in a kan haka aka yi yarjejeniya, amma kar a haɗa su a fomula ɗaya mai ƙirga wata.

Baba Alhaji Daura: Shi ya zaɓa, ya ce shi bai san Janairu ba. Jikana zai zo hutu, zan nuna mashi wannan bayanin.

Maman Hanifa: Saura ɗaya Malam, ka yi haƙuri na dame ka. Da damina kwanon sashe na biyu ya yi yoyo, mai ɗakin ya kira kafinta ya gyara da 12,000 daga aljihunsa, muka yarda a cire a haya. A ina zan sa?

Ɗan Batagarawa: Ki rage a shafin Haya kawai, watan ki sa 6,000 maimakon 18,000.

Malam Akanta: Ragowar za ta fito daidai in an yi haka, amma labarin ya ɓace. Bayan shekara wani magaji zai ga 6,000 ya tambaya wa ya rage masa haya. Ni a Biya nake sa irin wannan: layi mai 12000, a D in rubuta Gyara, a E lambar takardar kafinta ko ta mai kayan gini. Hayar ta hau cikakkiya, ya biya wani ɓangare da aiki. Sai dai ki kula, jimlar Biya ta daina zama kuɗin da ke hannunki. Ranar da za a raba wa magada, wannan za ki duba:

```
=SUMIFS(Biya!C:C,Biya!D:D,"<>Gyara")
```

In ba haka ba, za a nemi 12,000 a wurinki wadda ba ta taɓa shiga hannunki ba. Yafiya kuwa daban take. In magada suka taru suka yafe wa telan nan dubu goma, wannan a Haya za ta shiga, sabon layi mai -10000, da bayanin ranar da aka yarda da waɗanda suka yarda.

Kuma kafin ki tura wa Yaya, kar ki tara G da SUM ki ce shi ne jimlar bashi. In wani ya biya gaba da dubu 36, ragin nasa zai cinye bashin wani, sai a ga kamar ba a bin kowa sosai. Ki sa wannan a wani akwati da ba cikin G ba:

```
=SUMIF(G:G,">0")
```

Ummu Sadiƙ: Kuɗin wuta fa? Mu gidanmu mita ɗaya ce, in takardar KEDCO ta zo ake rabawa, kuma rigimar ta fi ta haya yawa.

Ɗan Batagarawa: Ni ina sa shi a lissafi ɗaya da haya. Bashi bashi ne.

Malam Akanta: Ni kuma ba na haɗawa. Kuɗin wuta ba na magada ba ne, wucewa yake yi ta hannunta zuwa kamfani. In aka haɗa, mutum ya kawo dubu biyar, ta wuta ce ko ta haya? Shi zai ce haya, ke ki ce wuta.

Ɗan Batagarawa: Ai sai a ƙara wuri ɗaya a Biya a rubuta na mene ne, a ƙara sharaɗi ɗaya a SUMIFS. Fayil biyu wahala ne Malam, musamman a waya.

Malam Akanta: Zai yi aiki in mai kawo kuɗin yana faɗin na mene ne kowane lokaci. Nawa 'yan hayar ba sa faɗa, turowa kawai suke yi. Kowa ya duba mutanensa.

Maman Hanifa: Mu 'yan hayar ke haɗa na wutarsu da kansu, ba ya biyowa ta hannuna, don haka na huta da wannan. Na gama shigar da komai yanzu. Mutum bakwai ke Masu_haya har da wanda ya tashi, shi ana bin sa 24,000, tela 32,000, sauran ba a bin su. Na kira telan da safe na karanta masa layukan Biya ɗaya bayan ɗaya, ya ce haka ne, har ya tuna mini cewa dubu goman azumi ranar Juma'a ya kawo, na duba kalanda na sa ranar. Abin da ban sani ba shi ne wanda ya tashin. Ya koma Funtua, wayarsa ba ta shiga. In bar layinsa haka yana nuna 24,000 har yaushe?

Baba Alhaji Daura: Ki bar shi. Ba naki ba ne ke kaɗai balle ki yafe, kuma akwai marayu ciki. Ni akwai wanda ya dawo bayan shekara shida ya biya ni.

Oga Dillali: Wanda ya kawo shi gidan fa? Ai shi za a bi.

Maman Hanifa: Marigayi ne ya ba shi ɗakin da kansa, ban san ta hannun wa ya zo ba. Zan tambayi Hajiyarmu ko ta sani. Malam, wajen turawa Yaya, fayil ɗin zan tura ko hoto?

Malam Akanta: Ki mayar da shafukan uku PDF ki tura, ki rubuta ranar a sunan fayil ɗin, don TODAY tana tafiya, ranar 1 ga Mayu lambobin za su canza da kansu. In ya nemi ainihin fayil ɗin ki ba shi kwafi, naki ya zauna wuri ɗaya, ke kaɗai ke shigarwa. Kuma ki tura wa kanki kwafi ta imel duk ƙarshen wata tunda kwamfutar ba taki ba ce.

Maman Hanifa: To Malam. Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan magabata. Na tura masa yanzu, ya ce zai duba in ya taso daga aiki.